Lissafin famfo, tanki da yoyo: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da lissafi da yamma a Aboabo nan Kumasi, yawanci yaran da za su rubuta jarabawar BECE da WASSCE, kuma akwai wani irin lissafi da kusan kowa ke tuntuɓe a kansa, wato na bututu da tanki: famfo kaza yana cika tanki cikin awa kaza, wani yana zubarwa, yaushe zai cika. Ba yara kaɗai ke tambaya ba, har iyaye masu politanki, wato babban tankin roba na ruwa, a gida da masu sayar da ruwa a unguwa suna zuwa da nasu. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri ɗaya.

Malam, famfo ɗaya yana cika tanki cikin awa 6, ɗayan cikin awa 3. In an buɗe duka biyun ba awa 9 ke nan ba?

A'a ɗana, tsaya ka yi tunani kafin ka taɓa biro. Famfon awa 3 shi kaɗai ya isa ya cika tankin cikin awa 3, to yanzu an ƙara masa mataimaki, ta yaya aikin zai ƙara daɗewa har ya kai awa 9? Dole amsar ta gaza awa 3. Wannan kaɗai ya isa ya kashe 9, kuma ya kashe awa huɗu da rabi da wasu ke samu in sun haɗa sun raba biyu.

Ba lokaci ake haɗawa ba, aikin da kowane famfo ke yi cikin awa ɗaya ake haɗawa. Na awa 6 yana cika kashi ɗaya cikin shida na tankin duk awa, na awa 3 yana cika kashi ɗaya cikin uku, wanda daidai yake da biyu cikin shida. In ka haɗa su ka samu uku cikin shida, rabin tanki ke nan duk awa.

1/6 + 1/3 = 1/2

Tunda rabi suke cikawa a awa ɗaya, awa 2 za su gama. Duk sauran tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan abu ɗaya suke tsaye, in ka riƙe shi sauran ba su da wuya.

Ni kam lambobin sama da ƙasa ɗin nan su ke rikita ni. Babu wata hanya?

Akwai, kuma ita na fi koyarwa. Tunda tambayar ba ta faɗi girman tankin ba, kai ka ba shi girma da kanka, ka zaɓi lambar da za ta sauƙaƙa maka. Ka nemi ƙaramar lambar da duka lokutan za su raba ta ba saura, wadda malamai ke rubutawa LCM a allo.

A ce famfo na farko awa 4, na biyu awa 6. Lambar da 4 da 6 ke rabawa ita ce 12, to sai ka ce tankina bokiti 12 yake ci. Na farko zai cika bokiti 12 cikin awa 4, ke nan bokiti 3 duk awa. Na biyu bokiti 2 duk awa. Tare suna zuba bokiti 5 duk awa, sai ka raba 12 da 5 ka samu 2.4.

To nan ne wani tarkon yake, kuma na ga yara masu ƙoƙari sun rasa maki a nan bayan sun yi komai daidai. 2.4 ba awa 2 da minti 4 ba ne, ba kuma awa 2 da minti 40 ba. Awa minti 60 ce, don haka 0.4 ɗin sai ka ninka shi da 60, ya ba ka minti 24. Amsa: awa 2 da minti 24.

Wani zai ce to in na zaɓi 24 ko 120 maimakon 12 fa? Amsa ɗaya za ka samu. A 24, na farko 6, na biyu 4, jimla 10, ka raba 24 da 10, 2.4 ɗin dai ne. Ƙaramar lamba kawai ta fi saurin aiki.

An koya mana gajeriyar hanya, a ninka lambobin biyu a raba da jimlarsu. Daidai ne?

Daidai ne in famfo biyu ne kuma duka zubawa suke.

(a × b) ÷ (a + b)

Gwada da 4 da 6: 24 a raba da 10, 2.4. Matsalar ita ce yara su haddace ta, sai tambaya ta zo da famfo uku su ninka ukun su raba da jimla, amsa ta tafi daji. Famfo na awa 2, na awa 3 da na awa 6 tare awa 1 suke cika tanki (bokiti 6 ne tankin, 3 da 2 da 1 sun ba da 6), amma in ka bi waccan hanyar za ka samu 36 a raba da 11, sama da awa 3, wanda ba zai taɓa yiwuwa ba tunda akwai famfon awa 2 a cikinsu. Ni dai shawarata ka tsaya a hanyar bokiti, ba ta zaɓar tambaya.

To in tankin yana yoyo fa?

Yoyo shi ma famfo ne, sai dai shi ɗiba yake, don haka cirewa ake maimakon haɗawa. Famfo yana cika tanki cikin awa 4, akwai huda a gindi da za ta iya zubar da cikakken tanki cikin awa 12. Tanki bokiti 12, famfo yana zuba 3 duk awa, huda tana kwashe 1, abin da ke zama a ciki 2 ne. 12 a raba da 2, awa 6. Ka ga hudar da ake ganin ba komai ba ce ta ƙara awa biyu cur a kan aikin.

Ko bututun fita ne, ko famfon da ake ɗiba, ko injin da ke ja zuwa sama, duk lissafi ɗaya ne. Abin da ke shiga ka haɗa, abin da ke fita ka cire, abin da ya rage shi za ka raba girman tankin da shi.

Tankinmu da awa 5 yake cika, yanzu sai ya yi awa 6. Za a iya sanin girman yoyon daga wannan?

Ana iya, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so don tana fitowa a jarabawa kuma tana da amfani a gida. Yawancin mutane in sun ji bambancin awa ɗaya ne sai su ce ai ba wani abu ba ne, wasu yara kuma su rubuta cewa yoyon zai zubar da tankin cikin awa 1, wai 6 a cire 5. Duka biyun kuskure ne.

Ka ɗauki tankin bokiti 30 ne. Famfon lafiyarsa lau, yana zuba 6 duk awa kamar yadda ya saba. Amma tunda awa 6 ake yi yanzu, abin da ke zama a ciki 5 ne duk awa. Ina ɗayan ya tafi? Yoyo ya sha. Bokiti 1 duk awa, ke nan cikakken tanki zai ƙare cikin awa 30 in an rufe famfo.

Bari mu mai da shi lita don ya fi shiga jiki. In politankin lita 3000 ne, famfo yana ba da lita 600 duk awa, 500 ke zama, 100 na tafiya ƙasa. A kwana ɗaya lita 2400 ke nan in tankin bai rabu da ruwa ba. In da galan mai ruwan ɗorawa ɗin nan kake aunawa, wanda mutane ke ce wa galan Kufuor, mai cin lita 25, galan 96 ke nan a rana. Hajiya, ki lissafa da kuɗin galan a unguwarku ki gani ko ya kamata a jira wata ya ƙare kafin a kira mai gyara.

Sharaɗi ɗaya dai: wannan lissafin yana tsayawa ne in ƙarfin ruwan da ke shigowa bai canja ba. In ruwan layi ne ya rage ƙarfi, tankin zai daɗe bai cika ba ko da babu huda ko ɗaya. Yadda za a bambance su yana can ƙasa.

Na cire sai amsa ta fito ƙasa da sifiri. Na yi kuskure ne?

Ba lallai ba. Lissafin yana faɗa maka ne cewa fita ta fi shiga. Misali famfo awa 8, bututun fita awa 6. Tanki bokiti 24, shiga 3, fita 4, ke nan duk awa tankin yana raguwa da 1. In fanko aka fara ba zai taɓa cika ba, ruwan zai dinga wucewa ne kawai. In cike aka fara zai ƙare cikin awa 24, in rabi ne awa 12. Don haka in ka ga haka ka koma ka karanta tambayar, sau da yawa za ka tarar dama cewa aka yi yaushe tankin zai ƙare, ba yaushe zai cika ba. Kada ka rubuta lokaci da alamar ragi a gaba, ka rubuta da baki cewa tankin zai ƙare cikin awa kaza.

In kuma shiga da fita suka zo daidai, sifiri ke nan, ruwan zai tsaya inda yake.

Yaya ake yi in an rufe famfo ɗaya a tsakiyar aiki?

Ka yanka labarin gida biyu, kafin a rufe da bayan an rufe, kowane da nasa lissafin. Famfo A awa 10, famfo B awa 15. Tanki bokiti 30, A yana ba da 3, B yana ba da 2. An buɗe su tare na awa 3, sannan aka rufe A. Cikin awa ukun nan 5 sau 3 ya shiga, 15 ke nan, saura 15. Yanzu B ne kaɗai da bokiti 2 ɗinsa, zai ɗauki awa 7 da rabi. In an tambaye ka jimlar lokaci daga farko, awa 10 da rabi ne, in kuma lokacin da B ya ƙara aka tambaya, 7 da rabi ne. Ka duba wanne ake so, don masu shirya jarabawa sukan saka duka biyun cikin zaɓi.

Wani lokaci juya ta ake yi, a ce yaushe za a rufe A don tankin ya cika cikin awa 9 daidai. Nan ka fara da wanda bai huta ba. B ya yi awa 9 cur, ya zuba 18. Sauran 12 aikin A ne, kuma 3 yake bayarwa duk awa, don haka awa 4 ya yi aka rufe shi.

Akwai wadda ake cewa a cika na awa ɗaya, a zubar na awa ɗaya, haka haka. Na samu 24 amma littafi ya ce 19. Waye ya yi daidai?

Littafin ne, kuma bari in tsaya a nan da kyau don ita ce ta fi kowace kama mutane, har manya.

Tambayar ita ce famfo yana cika tanki cikin awa 4, bututun fita yana zubar da shi cikin awa 6, amma ba tare ake buɗe su ba, karɓa-karɓa ne: awa ta farko famfo, ta biyu bututun fita, ta uku famfo, har a cika. Tanki bokiti 12, famfo yana ƙara 3, fita tana rage 2. Ke nan duk awa biyu ribar bokiti 1 ake samu. Sai mutum ya ce 12 sau 2, awa 24, ya ja layi. Na san ta nan ka bi.

Abin da aka manta shi ne tankin ba ya jiran a gama zagaye kafin ya cika. Da zarar ruwa ya taɓa baki an gama, ba a sake buɗe bututun fita. Bi shi a hankali ka gani. Bayan awa 2 akwai bokiti 1, bayan awa 4 akwai 2, bayan awa 10 akwai 5, bayan awa 18 akwai 9. Yanzu awa ta 19 ta famfo ce, zai zuba 3, 9 da 3 sun zama 12. Tanki ya cika, awa 19.

Dabarar ita ce ka ware zubin ƙarshe gefe tun farko. Ka cire 3 daga 12, saura 9, ka lissafa zagaye nawa zai kai ka 9, wato zagaye tara, awa 18, sannan ka ɗora zubin ƙarshe. In lambobin ba su faɗa daidai haka ba, misali ka tarar saura bokiti 2 ne kawai alhali famfo 3 yake bayarwa, to awar ƙarshe ba za ta cika ba, kashi biyu cikin uku ne nata, minti 40. Kuma ka kula da wanda aka fara buɗewa, don in an canja shi amsar ma tana canjawa.

In hudar ba a gindi take ba, a tsakiyar tanki take fa?

Huda ba ta zubar da ruwan da bai kai wurinta ba. Nan ma gida biyu za ka yanka. Tanki bokiti 12, famfo 3 duk awa, huda a daidai rabi tana zubar da 1 duk awa. Rabin ƙasa, bokiti 6, famfo ne shi kaɗai ba mai rage masa, awa 2. Rabin sama kuma 2 ke zama duk awa, awa 3. Jimla awa 5. Kuma in an rufe famfo, wannan hudar ba za ta taɓa ƙarar da tankin ba, iyakarta ta sauke shi zuwa rabi.

Malam, ni ba jarabawa zan rubuta ba, ruwa nake sayarwa a Sawaba. Yaya zan san ko tankina zai cika kafin a ɗauke ruwa?

To Alhaji, kai kam naka ya fi sauƙi don ka san girman tankinka, yana rubuce a jikinsa, ba sai ka ƙirƙiro bokiti ba. Abin da ya rage ka sani shi ne lita nawa famfonka ke bayarwa, kuma wannan da galan da agogon waya ake aunawa. Ka tara galan mai lita 25 a bakin bututun da ke zuba cikin tankin, can sama inda ruwan ke faɗawa, ba famfon tsakar gida ba, don ruwa yana rage ƙarfi in ya hau. Ka duba sakan nawa ya ɗauka.

A ce ya cika cikin minti ɗaya da sakan 15. Ke nan lita 20 duk minti, lita 1200 duk awa. Tankin lita 5000 zai cika cikin awa 4 da minti 10 in ba wanda ya taɓa shi. Amma kai ba za ka kori masu saye ba, mata da yara sun jera galan tun asuba. In kana sallamar galan 20 duk awa, lita 500 ke fita, 700 ke zama. 5000 a raba da 700 ya haura awa 7 da ɗan kaɗan, kusan minti 9. To in ruwan awa 6 yake yi kafin a ɗauke, lita 4200 za ka tara, tankin ba zai cika ba, saura 800. Ba asara ka yi ba tunda ruwan da ya fita kuɗi ya zama, amma gara ka san da lita nawa za ka shiga kwanakin da babu ruwa, musamman da rani lokacin da ruwan madatsun Barekese da Owabi ke ja baya.

Ka auna sau biyu ko uku a lokuta daban. Ƙarfin ruwan tsakar dare lokacin da kowa ya kwanta ba ɗaya yake da na safe ba lokacin da duk layin ya buɗe famfo.

Lissafin takarda ya ce awa 30 tankin zai ƙare, amma namu ya wuce haka bai ƙare ba. Me ya sa?

Saboda tambayar jarabawa tana ɗauka cewa huda tana zubar da ruwa da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, a zahiri kuma ba haka ba ne. Duk wanda ya taɓa buɗe famfon gindin durom ya sani, in yana cike ruwan da ƙarfi yake fita har yana tsalle nesa, in ya kusa ƙarewa sai ya koma zirara. Nauyin ruwan da ke sama da hudar shi ke turawa, yana raguwa turin yana raguwa.

Wani masani ɗan Italiya, Torricelli, shi ya fitar da ƙa'idar abin wajen 1643. A sauƙaƙe, in tsayin ruwan da ke saman hudar ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, gudun fitarsa yana komawa rabi. Ba rabi da rabi suke tafiya ba. Abin da wannan ke haifarwa a tanki mai miƙaƙƙen jiki shi ne, in ka auna yoyon lokacin da tankin ke cike ka lissafa da shi, ainihin lokacin ƙarewar zai ninka abin da ka samu sau biyu. Rabin sama yana tafiya da wuri, bai kai kashi ɗaya cikin uku na lokacin ba, rabin ƙasa shi ke cinye sauran.

Akwai kuma wani abin da takarda ba ta nunawa. A ce hudar tana zubar da lita 100 duk awa in tanki na cike, famfo kuma ya yi rauni yana ba da 50 kawai. A jarabawa za mu ce fita ta fi shiga, tanki zai ƙare tas. A gida kuwa ruwan zai sauka har ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa, inda yoyon ya koma 50, sai ya tsaya a nan, ba ya hawa ba ya sauka. In kin ga tankinki kullum a wuri ɗaya ruwan ke tsayawa alhali famfo na zuba kuma ba a ɗiba, ki zargi yoyo.

Ɗalibai, ku kam a jarabawa ku bi yadda tambaya ta ɗauka, gudu ɗaya, kada ku shigo da wannan sai in an nema.

In na ƙara bututu na biyu tankina zai cika da rabin lokaci?

A takarda e, a gida ya danganta da inda ka jawo shi. In daga bututu ɗaya da ke shigowa gidan ka raba biyu, ruwan da ke zuwa ɗaya ne, rabawa kawai suka yi, abin da za ka ƙaru da shi kaɗan ne ko ma babu. Haɗawar da muke yi a lissafi tana aiki ne in kowane da tushensa, misali ɗaya ruwan layi ɗaya kuma injin bohol ko na rijiya.

Bututun inci ɗaya ba ninki biyu na rabin inci yake bayarwa ba?

Ninki huɗu ne a lissafin jarabawa. Bakin bututu da'ira ne, in faɗinsa ya ninka biyu filin da ruwa ke bi yana ninka huɗu. Don haka in na inci ɗaya yana cika tanki cikin awa 2, na rabin inci awa 8 zai yi, in gudun ruwan ɗaya ne. A zahiri siririn bututu mai tsawo yana ƙara danne ruwa fiye da haka ma, shi ya sa masu gyaran famfo ba sa son jan rabin inci daga nesa.

Yaya zan bambance yoyo da raunin ruwa, kuma in san inda yake?

Da daddare ake yi, lokacin da ba mai amfani da ruwa. Ka rufe bawul ɗin shiga, ka rufe na fita da ke gindin tankin, ka zura sanda mai tsabta ka yi alama inda ruwan ya tsaya. Da asuba ka sake zurawa. In ya sauka, matsalar a jikin tankin take ko a mahaɗin da bawul ɗin ke ɗaure, wurin da roba ke bushewa ta tsage, kuma sau da yawa za ka ga kore ko damshi a kan simintin da ke ƙasa. In bai sauka ba, dare na biyu ka bar bawul ɗin fita a buɗe amma duk famfunan gida a rufe. In yanzu ya sauka, to yoyon yana cikin bututun gida. A gidan haya mai ɗakuna da yawa na fi zargin tankin bayan gida na zamani, wanda ruwa ke silalewa cikin kwanon ba sauti dare da rana, sai kuma bututun da aka binne a ƙasa. In duka daren biyu ruwan bai motsa ba, babu yoyo a ƙasa, sai ka duba sama: ko ruwan layi ne ya yi rauni, ko ƙwallon da ke rufe ruwa in tanki ya cika ya lalace ruwa na malala ta bututun ambaliya.

Za ka iya mai da saukar zuwa lita. Tankin lita 3000 da tsayin ruwansa santimita 150 ne in ya cika, kowace santimita lita 20 ce, in jikinsa miƙaƙƙe ne. In ya sauka santimita 5 cikin awa 8, lita 100 ke nan, 12 da rabi duk awa, lita 300 a kwana, galan 12. Da wannan lambar za ka je wa mai gida ko mai gyara, ta fi a ce masa kawai ruwa na saurin ƙarewa.

Kafin in miƙa takarda, yaya zan gane amsata ta yi daidai?

In duka famfunan zubawa suke, amsar dole ta gaza lokacin wanda ya fi sauri. In akwai yoyo, dole ta haura lokacin da za a yi ba yoyon. Ka duba ko an cakuɗa minti da awa a tambayar, ɗaya minti 45 ɗaya awa 1, in haka ne ka mai da su duka minti tun kafin ka fara, 45 da 60. Ka duba ko tankin fanko aka fara ko da ruwa a ciki, don in an ce kashi ɗaya cikin uku yana cike, bokiti 8 kawai za ka cika cikin 12. Sannan ka mayar da amsar cikin tambayar: a misalin awa 4 da awa 6 da muka samu 2.4, na farko ya zuba 3 sau 2.4, wato 7.2, na biyu 2 sau 2.4, wato 4.8, ka haɗa su ka ga ko sun ba ka 12.